Kurakuran da muka fi yi wajen koya wa mutum wasan bidiyo

Ranar da na fara ba wani wasan da na ƙera ya gwada, a ƙofar gidanmu ne nan unguwar Zariya, bayan la'asar. Ƙaramin wasa ne na waya: akuya ta tsinke igiya tana gudu cikin lunguna, tana tsallake kwata. Na sa shafi uku na bayani a farko, da Faransanci. Ƙanena ya karɓi wayar, ya danna `Passer`, wato maɓallin wucewa, sau uku ko kallon rubutun bai yi ba, ya faɗa kwata ta biyu har sau shida, sannan ya miƙo mini ya ce, "Yaya, akuyar nan ba ta iya tsalle ba." Ta iya. Idan aka taɓa maɓalli aka saki, tana tsallake bulo 2, idan aka riƙe shi tana kai bulo 4. Na rubuta hakan a shafi na biyu, wanda ya wuce.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wasannin da nake gani wurin ƴan'uwa masu ƙira a Maradi: mu tara bayani a bakin ƙofa. Mutum bai riga ya ga kwata ba, bai san me zai yi da dogon tsalle ba, don haka bayanin ba shi da inda zai zauna a kansa. A garinmu abin ya ƙara nauyi, domin wani Faransanci yake karantawa, wani boko, wani ajami, wani kuma yaro ne da bai kai ga karatu ba. Ai dara ma ba da dogon jawabi ake koyonta ba. Zama ake yi gefen masu yi, a ba ka ƴaƴa, a cinye ka sau biyu, ka gane.

Gyaran shi ne filin wasan ya yi koyarwar. Misalin da masu ƙira suka fi komawa gare shi shi ne matakin farko na Super Mario Bros., wanda kamfanin wasanni na Nintendo ya fitar a 1985 ƙarƙashin Shigeru Miyamoto. An ajiye Mario a hagu, fili a buɗe ta dama, sai ka nufi can. Maƙiyi ɗaya tak ke tahowa a hankali, dole ka nemi tsalle. Naman kazan da ke fitowa daga bulo kuwa, yana tafiya ya bugi bututu ya dawo kanka, da wuya ka kauce masa. Ya taɓa ka, ka ga ka ƙara girma, ka gane wannan abin so ne. Ba a rubuta maka komai ba.

Da na koma kan akuyata, sai na fahimci laifina biyu ne. Ban da rubutun, na haɗa koyo da hukunci wuri guda: inda ake buƙatar dogon tsalle karon farko, nan ne ruwa ke kashewa. Wanda ake kashewa ba ya gwaji, tsoro yake ji, kuma duk faɗuwa tana maida shi farkon mataki ya manta abin da ya gwada.

Ga yadda na sake jera wurin. Na fara sa katanga wadda gajeren tsalle ba ya haye ta, babu ruwa, babu mai kora, babu agogo. Mutum in ya ga tsallensa bai kai ba, yatsansa da kansa yake ƙara nauyi a kan maɓalli, sai akuya ta haye. Nan ya gano riƙewa. Bayan katangar sai busasshiyar kwata mai faɗin bulo 3: in ka faɗa, ka hau tudu ka fito, asararka daƙiƙa biyu. Sai kwata mai faɗin nan dai amma cike da ruwa, wadda ita ce jarrabawar gaskiya, da wurin farfaɗowa dab da bakinta. A ƙarshe na sa kwata ƙarƙashin rumfa, inda dogon tsalle zai sa ka bugi rufi ka faɗa, gajere ake so. Wannan ta ƙarshen ita ke raba wanda ya fahimta da wanda kawai ya saba danne maɓalli. Na bar taimako ɗaya: hoton yatsa yana danne maɓalli, wanda ba ya fitowa sai mutum ya kasa katangar sau uku.

A lura, a duk tsawon wurin nan sabon abu ɗaya ne. Da farko na so in sa kare mai kora a nan ma, na fasa, na kai shi mataki na gaba. Idan sababbin abubuwa biyu suka zo tare mutum ya faɗi, ba zai san wanne ya kada shi ba.

Sai batun hawan wahala. Da yawanmu muna ɗauka kowane mataki dole ya fi na baya tsanani, sai mu riƙa ƙara gudu da yawan maƙiya kawai. Hakan na gajiyar da mutum, kuma ba ya ba shi damar jin cewa ya ƙware. Abin da ya fi shi ne hawan ya zama kamar haƙoran zarto: a hau, a sauko kaɗan, a sake hawa sama da da. Bayan kwatar rumfa na bar doguwar hanya mai sauƙi da harawa a zube, ana gudu ana ci. Saukowar nan kuma ita ce wurin da ya dace a shigo da sabon abu, lokacin da hankali ya kwanta.

Ta yaya za ka san inda hawan ya yi tsini? Ba da hannunka ba. Kai ka buga matakin sau ɗaruruwa, komai ya zame maka ruwan sha. Nemo mutum biyar da ba su taɓa ganin wasan ba, ka ba su waya ɗaya bayan ɗaya, ka kama bakinka. Wannan shi ya fi wuya. Baki na ƙaiƙayi ka ce "riƙe maɓallin mana", kuma da ka faɗa ka ɓata gwajin, tunda ba za ka bi wasan gida-gida ba. Riƙe takarda, ka ja layi duk inda aka faɗi. Ka kuma duba irin faɗuwar. Wanda yake maimaita kuskure ɗaya, ko ya ɗago kai ya dube ka, bai gane ba, koyarwa za ka gyara. Wanda yake yin abin da ya dace amma yana kuskurewa da kaɗan, ya sake dannawa da sauri, ya gane, hannu ne bai faɗa ba tukuna, kuma wannan wahalar mai daɗi ce. Kada ka rage ta da gaggawa.

Akwai nau'i na uku da ya daɗe yana ruɗa ni. Yarinyar maƙwabtanmu ta riƙa cewa, "Wallahi na danna!" Gaskiyarta. A ƙaramar wayarta wasan na ɗan jinkiri, tana dannawa ƙafar akuya ta riga ta bar bakin kwata. Ƙara sauƙin matakin ba zai magance wannan ba. Maganin shi ne a bar ɗan lokaci bayan barin ƙasa wanda tsalle zai ci gaba da karɓuwa. A Godot, manhajar da nake ƙera wasan da ita, haka na rubuta shi:

```gdscript
if is_on_floor():
    coyote = 0.1
else:
    coyote -= delta
if Input.is_action_just_pressed("jump") and coyote > 0.0:
    velocity.y = JUMP_VELOCITY
    coyote = 0.0
```

Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke nan, wato hotuna 6 idan wasan na tafiya a 60 cikin daƙiƙa. Ido ba ya lura da shi. Idan ka ninka shi da yawa, za a fara ganin akuya na tsalle a kan iska, don haka ka ƙara kaɗan-kaɗan, kana gwadawa a wayar da ta fi rauni cikin waɗanda ka samu. Da na maida mata wayar washegari, ta haye kwatar ruwa a karo na biyu, ta wuce har wurin karen, nan kuma na ja sabon layi a takardata.