Yadda na gyara jinkirin wasan kilaud a tsohuwar laftof

Laftof dina ta tsufa, ba ta da katin garafik na kirki, shi ya sa na koma GeForce NOW tunda can sabar su ce ke daukar nauyin wasan, tawa bidiyo kawai take karba. Amma wasa ya ki dadi, in danna maballi sai an dan jima mutumin ya motsa, hoto kuma yana dagulewa.

Gwajin sauri ya ba ni 60 Mbps, alhali 1080p kimanin 25 yake bukata, to ba nan matsalar take ba. Jinkirin layi ne, shi na auna da wannan umarnin na Windows:

```
ping -n 50 8.8.8.8
```

In gida shiru 30 ms, wato milisakan 30, nake gani, amma da wayar wani ta fara loda hotuna sai ya haura 200, har wasu sakonnin su bace a hanya, wannan hawa da saukar ita ke kashe wasa.

Na bar waifai na 2.4 GHz na jona kebul daga rawuta kai tsaye, nan take lambar ta zauna. Sai na shiga saitin rawuta na kunna QoS, wato tsarin da ke daidaita rabon layi tsakanin na'urori, na rage iyakar lodawa kasa kadan da abin da layin ke iya dauka don kar layi ya cushe. Hoto kuma na sauke shi zuwa 720p saboda laftof din tana zafi wajen warware bidiyon.

Yanzu 35 ms yake tsayawa ko ana kallo a gidan. Amma in sabar ta yi maka nisa, kebul ma bai sauko da kai kasa da 80 ms ba, wasan harbi ba zai yi ba, sai wasanni masu tafiya a hankali.