Sifirin da ke jikin kwali ba sifiri ba ne: kurakuran masu gudun maiƙo

Na gaji da ganin masu son rage ƙiba suna ɗaga gwangwani suna nuna min wai "duba, 0g, ba maiƙo ko kaɗan". Nima haka na yi, ya ci min kuɗi da wata uku, shi yasa nake wannan rubutun.

Da yawa daga cikin kayan da kuke gani da wannan sifirin na Amurka ne, kuma dokar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ce a kansu. Dokar ta ce idan maiƙon da ke cikin awo ɗaya, adadin da aka rubuta a kwali a matsayin ci ɗaya, bai kai rabin giram ba, wato ƙasa da 0.5, a rubuta sifiri. Kamar mai shago ne ya ce bar canjin naira biyar ɗin nan, sau ɗaya ba komai, amma in sau hamsin aka bar shi ai ya zama kuɗi. Kalori ma haka, in bai kai 5 ba ana iya sa sifiri. Toh kamfanin bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka duba girman awon ba.

Wanda ya cuce ni shine man fesawa, wannan na gwangwani da ake fesa wa kasko. Lokacin likita ya ce in rage maiƙo, na shiga wani babban kanti na siyo shi da tsada, a jiki an rubuta maiƙo 0, kalori 0, na ce alhamdulillahi na samu mafita. Kullum da safe in zan soya ƙwai sai in danna in riƙe har kaskon ya yi sheƙi, dankali ma in fesa, har kan gasasshiyar kaza. Wata uku sikeli bai motsa ba. Ranar da ƙanwata ta juya gwangwanin ta ce "Yaya, ka ga awon nan kuwa?" na karɓa na duba, ashe awo ɗaya feshin kwatan sakan ne, giram 0.25. Kwatan sakan fa! Don Allah waye yake iya danna abu na kwatan sakan ya saki? Gwangwanin giram 170 ne, kenan awo sama da 600 a ciki, kuma abu na farko a jerin kayan haɗin man kanola ne, mai zalla irin na kwalba.

Yi lissafin da kanka. Sakan ɗaya awo huɗu ne, kusan giram 1. Ni ina yin sakan biyar, kusan giram 5 kenan, daidai da ƙaramin cokalin shayi na mai, kuma kowane giram na maiƙo kalori 9 ne, ka ga an doshi 40 zuwa 45 a fesawa ɗaya, ni kuma sau uku huɗu nake yi a rana ina rubuta sifiri a littafina. Ba shi kaɗai ya hana ni ramewa ba, gaskiya, amma ya sa na saki jiki. Yanzu in zan fesa ƙirgawa nake, ɗaya, in saki, in ɗauka giram ɗaya na ci. Galibi ma na koma man gyaɗa da cokali, aƙalla ina ganin abun da na zuba.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, kuma shi ne ke sa ni faɗa. Akwai maiƙon tarans, wanda ake samu in an daskarar da man ganye a masana'anta, yana ƙara mugun kolestarol a jini. Tun 2006 Amurka ta wajabta rubuta shi a kwali, amma da wannan ƙofar ta rabin giram. Biskit mai 0.4 a awo ɗaya sai ya fito da sifiri, kai kuma ka zauna da shayi ka cinye awo biyar, giram 2 kenan. A 2015 FDA ta yanke cewa wannan man ba shi da aminci, hanin ya fara aiki a 2018, sai dai ba duk ƙasashe ne suka bi ba. Haba jama'a, kuna karanta lamba ku tsallake jerin kayan haɗi! In ka ga "partially hydrogenated" a jerin, sunan wannan daskararren man kenan, ajiye shi ko da sifiri goma aka rubuta. Ana jera kayan ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, in mai ya zo a farko-farko ka san inda ka dosa.

Sauran ƙanana ne. Garin madarar kofi awonsa ƙaramin cokali ne, kai kana zuba babba uku. Rashin maiƙo kuma ba rashin suga ba ne, sau da yawa da suga ake cike gurbin ɗanɗanon.

Kar kuma ka gwada kwalin Amurka da na Turai kai tsaye, na Turai dole a rubuta na giram 100, a can sifirin ba shi da wurin ɓuya. Ni in kaya biyu suna gabana, wanda ke da lissafin giram 100 nake fara ɗauka.