Hujjar Anselm da Sukar Kant: Inda Ɗalibai Ke Yawan Zamewa

Ɗaliban falsafa a Jos, Musulmi da Kirista, kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe idan aka zo kan hujjar nan da ke son tabbatar da samuwar Allah daga ma'anar sunansa kaɗai. Tuntuɓen farko tun wajen faɗin hujjar yake. Sai ɗalibi ya rubuta cewa Allah shi ne "mafi girman abin da ke akwai". Da ya faɗi haka ya riga ya cusa amsar cikin tambaya. Anselm, malamin Kirista mai wannan hujja, a babi na 2 na littafinsa Proslogion da ya rubuta tsakanin 1077 da 1078 yana gidan sufaye na Bec a Faransa, cewa ya yi: Allah shi ne wanda ba a iya tunanin wani da ya fi shi girma. Ko mai musun samuwar Allah yana fahimtar wannan magana, saboda haka abin yana cikin hankalinsa. To, a ƙaddara a cikin hankali kawai yake. Ke nan ana iya tunanin irinsa da yake akwai a zahiri, wanda kuwa zai fi shi girma. An yi tunanin wanda ya fi wanda ba a iya tunanin wanda ya fi shi, magana ta ci karo da kanta, don haka dole akwai shi a zahiri. Rubuta ta a jere haka, kuma ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da ke cewa samuwa a zahiri ta fi samuwa a hankali, domin nan rigimar take.

Wasu kuma su gauraya ta da hujjar halitta, ko da maganar Ibn Sina kan wajibul wujudi, wato wanda samuwarsa dole ce. Ibn Sina ya fara ne daga cewa akwai wani abu samamme. Anselm daga ma'ana kaɗai ya taso. Da ka ga "dubi sama da ƙasa" a cikin amsarka, ka bar hanya.

Babban kuskuren ɗalibai yana wajen fahimtar Kant, masanin falsafa Bajamushe da ya soki hujjar a littafinsa na 1781. Ana cewa wai ya ce samuwa da rashinta duk ɗaya ne. Bai faɗi haka ba, cewa ya yi samuwa ba sifa ba ce. Misalinsa na thaler ɗari ne, kuɗin ƙasarsu a lokacin: na gaske ba su fi na tunani ko da tsaba ɗaya ba a ma'ana, amma shi da bakinsa ya yarda cewa na gaske sun fi amfani ga aljihu.

Mu kai abin kasuwar Farin Gada. Ka ce wa dillali ya nemo maka dankalin turawa buhu goma, manya, sabon haƙa, babu ruɓaɓɓe. Kowace sifa da ka ambata tana rage buhunan da za su dace: "manya" ta fitar da ƙanana, "sabon haƙa" ta fitar da na ajiya. Yanzu ƙara masa da cewa, "kuma ya zama akwai shi." Me wannan ya fitar? Ba komai. Dillali zai dube ka ne kawai. Idan ya dawo ya ce an samu, bai ƙara wa dankalin wata sifa ta huɗu ba, ya sanar da kai ne cewa siffofin nan uku sun haɗu a kan wani kaya da ke jibge a kasuwa. Da samuwa tana ƙara wani abu a kan kwatancen, da abin da ya kawo ba shi ne ka aike shi nema ba. Saboda haka, a ganin Kant, ko ka sa "samamme" cikin ma'anar abu, tambayar ko akwai mai cika wannan ma'ana tana nan daram. Descartes, masanin falsafa Bafaranshe wanda Kant ya fi nufa da sukarsa, ya ce a 1641 samuwa ba ta rabuwa da Allah kamar yadda dutse ba ya rabuwa da kwari. Amsar Kant ita ce, idan ka karɓi abu ka ƙi sifarsa ka yi tufka da warwara, amma idan ka ɗauke abin tare da sifarsa gaba ɗaya babu karon da ya rage.

Wanda ya tashi da karatun siffofi ashirin kan firgita da jin "samuwa ba sifa ba ce", tun da wujudi ne na farko a jerin. Kalma ɗaya ce, aiki biyu. Kant na maganar sifar da ke ƙara bayani a kan ma'ana. Malaman tauhidi ma sun ware wujudi shi kaɗai suka kira shi sifa nafsiyya, kuma a ra'ayin Ash'ari wujudi shi ne zatin kansa.

Kada kuma ka rufe amsarka da cewa Kant ya nuna babu Allah. Hujjar ya soka, ba samuwar Allah ba. Thomas Aquinas, babban malamin coci, ya ƙi hujjar Anselm ƙarnuka kafin Kant, ya kawo nasa hanyoyi biyar. Kuma a 1960 masanin falsafa Norman Malcolm ya yarda da Kant kan samuwa zalla, amma ya ce babi na 3 na Proslogion na ɗauke da wata hujja dabam, wadda ta dogara kan samuwa ta wajibi. Idan tambayar jarrabawa kan babi na 2 ce, tsaya a kansa.