Riba a takarda, babu kuɗi a hannu

Idan rahoton shekara na kamfanin da ka sayi hannun jarinsa ya fito, kada ka tsaya kan riba kawai. Buɗe takardar kadarori da basussuka, wadda ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a ranar rufe shekara. Nemi layin bashin da kamfanin ke bin abokan ciniki, ka kwatanta na bana da na bara.

A ce ciniki ya tashi daga miliyan 100 zuwa 110, amma wannan bashi ya tashi daga 20 zuwa 45. Ciniki ya ƙaru da 10, bashi da 25. An sayar da kaya, an rubuta riba, kuɗi kuwa suna hannun mutane.

Sai ka je takardar shige da ficen kuɗi, sashen harkokin yau da kullum, ka gani ko riba ta zama tsaba. Idan ribar miliyan 15 ce amma sashen ya nuna giɓi, duba sashen samar da kuɗi, wataƙila da rance aka biya ku rabon riba. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, musamman ga kamfani mai faɗaɗa, amma uku a jere abin tsoro ne.