Yadda ake wanke kayan ɗinki da na tiyata a ƙaramin asibiti

Duk sabon ma'aikacin da aka turo mana, hankalinsa na kan tukunyar turara kaya, wato otokilef. Ni kuwa wajen wanki nake tsare shi, don a nan aikin ke lalacewa. Tururi ba ya ratsa busasshen jini. In jini ya daskare a gaɓar hantsaki, ƙwayoyin cutar da ke ƙarƙashinsa za su shiga tukunya su fito lafiya lau.

Saboda haka da an gama ɗinki ko karɓar haihuwa, kada a bar kaya su bushe a faranti. In ba ka da sukunin wankewa nan take, lulluɓe su da jiƙaƙƙen tawul. Sa safar hannu mai kauri, ka buɗe kowane almakashi da hantsaki har ƙarshe, ka nutsa su cikin ruwan sabulu mai ɗan ɗumi. Ban da ruwan zafi, yana dafa jini ya manne kamar ƙwai a kasko. Goge da buroshi mai laushi (sabon buroshin haƙori ma ya isa, ga shi da araha), kana riƙe da kayan a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsamo maka a ido. Bi haƙoran hantsakin ɗaya bayan ɗaya, sannan gaɓar. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusanci wurin, karcewar da yake yi maɓoyar datti ce.

Na taɓa buɗe ƙunshin kayan haihuwa da tsakar dare, na ga baƙin abu a gaɓar almakashin yanke cibiya. Na ɗauka tsatsa ce. Da na goga da auduga sai ga jini. An turara shi a rufe ne, ba a wanke ciki ba. Tun ranar nake ɗaga kowane ƙarfe a haske kafin a naɗe.

Tsohuwar koyarwa ta ce a fara jiƙa kaya cikin bilic na minti 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da wannan shawara, don bilic na cin ƙarfe, jini kuma na kashe masa ƙarfi.

Ɗauraye, busar, naɗe su a buɗe, kada a cushe tukunya. Bar tururi ya yi ta fita na wasu mintuna ya kori iska kafin ka toshe kafar fitar tururin. Sai allurar ma'aunin zafin tukunyar ta kai digiri 121 za ka fara ƙirga: minti 30 ga kayan da aka naɗe, 20 ga waɗanda ba a naɗe ba. Ƙunshin da ya fito a jiƙe a sake turara shi. Canjin launin tef ɗin da ake manna wa ƙunshi yana nuna kaya sun sha zafi ne kawai. Rubuta kwanan wata a jiki.

In gas ya ƙare, tafasawar minti 20 maneji ce, ba ta kashe ƙwayar cutar sarƙewar haƙora.