Yadda Ake Ɗaura Fanel ɗin Sola a Rufin Kwano Ba Tare da Iska Ta Kwashe Shi Ba

Masu gida a nan Gusau sukan fara da tambayar ko rufinsu zai ɗauki nauyin fanel. Tambaya ce mai kyau, amma abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas a watan Mayu da Yuni, da ƙura a gabanta. Ba danna fanel take yi ba, ƙarƙashinsa take shiga ta yi sama da shi.

Mu ɗauki gida mai rufin kwano da katako, za a ɗora masa fanel 6 masu wat 550. Kowane ɗaya tsawonsa kusan mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa wajen kilo 28. Duka shidan da ƙarafan da za su zauna a kai kusan kilo 200 ne, a baje a kan murabba'in mita 16. Rufi mai lafiya ba zai ji wannan ba. To amma iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana iya jan kowane murabba'in mita da ƙarfin kilo 55. Fanel ɗaya ke nan ana fizgarsa da kusan kilo 145, ninki biyar na nauyinsa. Shidan kuwa wajen kilo 870. A bakin rufi da kusurwoyi abin yakan ninka.

Saboda haka aikin farko a cikin silin yake, ba a saman kwano ba. Ka shiga da tocila da sukudireba, tare da kafinta in da hali. Ka soki katakon a wurare da yawa, musamman inda ya hau bango da inda ka ga tabon yoyo. Idan bakin sukudireba ya nutse cikin sauƙi, ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ko ka ga hanyar gara ta bi jikin bango ta hau, to wannan katakon sai an canza shi. Gara takan cinye ciki ta bar baya sumul, don haka ido kaɗai ba ya wadatarwa.

Daga nan ka bi hanyar da ƙarfin iska zai bi. Fanel zai ja ƙarfen da yake kai, ƙarfen ya ja noti, noti ya ja siririn katakon da aka buga wa kwano, wato tu-bai-tu, shi kuma ya ja babban katakon da ke ƙarƙashinsa, har a kai ga bango. A gidaje da yawa ƙusa ɗaya ce tal ke riƙe tu-bai-tu a kowace mahaɗa, an buga ta daga sama, daidai ta inda iska za ta zare ta. Ka ƙara wa waɗannan mahaɗun ɗaurin ƙarfe da sukuru. Ka kuma duba ko an ɗaure katakon da ke kwance bisa bango da rodin da ya fito daga kankare. In ba a ɗaure ba, a gyara wannan tukuna, don kuwa iska ba fanel kaɗai za ta ɗauka ba, har da rufin. Rufin soro na azara kuwa, ni ba na ɗora masa komai. Gara a kafa ƙarfe a tsakar gida.

Wajen zaɓen wuri, ɓangaren da ke kallon kudu ya fi, tunda muna arewa da tsakiyar duniya da wajen digiri 12, kuma gangara ta digiri 10 zuwa 15 ta isa. In gangarar rufin ta yi kusa da haka, ka kwantar da fanel a bisa yadda rufin yake. Kada ka yarda a yi masa dogayen ƙafafu a baya don neman ƙarin rana, ribar kaɗan ce, iskar da zai tara kuwa mai yawa ce. Tazarar santimita 10 tsakaninsa da kwano ta isa iska ta ratsa ta rage masa zafi. Ka ja baya daga bakin rufi da ƙololuwarsa da aƙalla rabin mita, mita guda in fili ya bari.

Yanzu lissafin ƙafafu, wato gajerun ƙarafan da ke riƙe dogon ƙarfen a jikin rufi. Fanel shida a jere suna buƙatar ƙarfe biyu, kowanne kusan mita 7. Idan manyan katakan suna da tazarar mita 1.2, kowane ƙarfe zai samu ƙafa 6, jimilla 12. Raba 870 gida 12, kowace ƙafa za ta riƙe sama da kilo 70, in kuma ka ninka don kiyayewa, kusan 145. Ƙusar kwano ba ta wannan aikin ba ce, balle wayar ɗauri da ake murɗawa a jikin kwano. Dogon noti mai kaurin milimita 8 ko 10 ake so, a sa shi daidai inda tu-bai-tu ya gitta babban katako, ya ratsa na saman ya shiga na ƙasan da aƙalla santimita 5. Ka fara huda ƙaramin rami don kada katakon ya tsage. Hujin ya zama a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a sa washa ta roba a ƙarƙashi. Notin da ka ji yana ta juyawa bai kama ba, ya kuskure katako ne. Ka cire shi, ka toshe ramin, ka sake.

A matse fanel da maɗauri huɗu a dogayen gefunansa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon daga kowane ƙarshe, ko inda takardar kamfanin ta nuna. Kada a huda firam ɗinsa. Da sassafe ake hawa, bayan raɓa ta bushe kafin kwano ya ɗau zafi, a taka kan layin ƙusoshi kawai, da igiya a ƙugu, a kuma lura da wayar lantarkin da ta ratsa kusa da gidan.

Saura waya, kuma nan gobara ke farawa. Fanel shida da aka jona a jere suna ba da kusan bolt 300 na DC, wato irin wutar da fanel da batir ke bayarwa, muddin akwai rana, ko da inbata a kashe take. Tartsatsin DC kuwa in ya kama ba ya saurin mutuwa. Ka yi amfani da wayar sola ta ainihi mai kaurin 4 mm², ko 6 mm² in tafiyar da nisa. Mahaɗa ta zama MC4, mace da namiji na kamfani ɗaya, a matse da abin matse su. Murɗe waya a naɗe da salatif a kan rufi ganganci ne.

Ka ɗaure wayar a jikin ƙarfe ƙarƙashin fanel, kada ta kwanta a kan kwano, domin iska za ta yi ta goga ta har rigarta ta cinye. Jar waya da baƙa su tafi tare gefe da gefe, hakan na rage ɓarnar tsawa. Daga inda ta bar inuwar fanel ta shiga bututu mai jure rana, ta sauko ta ƙarƙashin bakin rufi, ba ta kan kaifin kwano ba. Kafin ta shiga bango ka lanƙwasa ta ƙasa kaɗan yadda ruwa zai ɗiga a waje. Cikin silin ma a bututu take tafiya saboda ɓeraye. A sa bireka ta DC kafin inbata, ba irin ta wutar NEPA ba, a kuma haɗa firam da ƙarafan da wayar da ta sauka zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa. Kafin jonawa ka auna da mitar awon wuta ka tabbatar ja da baƙa ba su juya ba, kuma kada ka zare MC4 ana cikin jan wuta.

Bayan iskar farko ka sake hawa da sufana ka bi notunan ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa silin neman ɗigon ruwa, ka duba mahaɗun wayar. Wadda ka ga ta canza launi ko ta fara narkewa, a kashe bireka, a rufe fanel da bargo, a yanke ta a sa sabuwa.