Sabon likita da wasiƙar rasuwa: wuraren da masu rubuta labarin suke zamewa

Wannan labarin na sabon likita da aka ce ya zauna ya rubuta wa dangi wasiƙa cewa ɗansu ya rasu, na karanta shi a hannun marubuta kala kala, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke zamewa. Labarin yana da daɗin tunani, likita matashi, dare, biro da takarda, amma da an fara rubutu sai ka ga an cika shafi da hawaye an bar ita wasiƙar wadda ita ce labarin. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe.

Tambayar da mai karatu zai fara yi ita ce, me ya kawo wasiƙa? A wajenmu ba a sanar da mutuwa da takarda. Majinyaci yana da mai jinya a gefen gado, in rai ya yi halinsa shi zai ɗaga waya, kafin la'asar an yi wanka an sallace shi an kai shi. To ke marubuciya, in kika sa labarin a Kano a bana, dangi cike da baranda, sannan likita ya shige ofis yana rubuta musu wasiƙa, wallahi daga nan an daina yarda da ke. Gyaran shi ne ki ba wasiƙar dalili. Ko dai ki mayar da labarin kafin 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, ko ki sa mamacin baƙo ne wanda ba shi da kowa a garin. Ni da ni ce zan haɗa biyun. Mu ce 1998 ne, da kaka, wani saurayi mu kira shi Sale ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya zo aikin gona kudancin Gombe, kububuwa ta sare shi yana girbi, mai gonar ya kawo shi asibiti, ya kwana biyu ya rasu, an binne shi a ranar saboda ba mutuware mai sanyi ba kuma mai ɗaukar gawa zuwa gida. Abin da ya rage sunan ƙauyensu da sunan babansa da ya faɗa wa nas ranar da aka kwantar da shi. Yanzu wasiƙa ta zama dole.

Shi ma likitan a kula da matsayinsa. Wanda ya gama makaranta yana fara shekara ɗaya ta koyon aiki a babban asibiti, yana zagaya ɓangarori huɗu, na cututtukan manya, tiyata, yara, da na mata da haihuwa, kuma akwai manya a kansa, ba shi zai yanke shawarar rubuta wa dangi shi kaɗai ba. In kina son ya zama ba wanda zai tura wa aikin, ki mayar da shi ɗan bautar ƙasa da aka jefa wani ƙaramin asibitin karkara, babban likitan ya tafi gida ƙarshen mako, daga shi sai tsohuwar nas da ta girme shi da shekara ashirin. Ita za ta ce masa "Likita, mutanen nan fa ba su sani ba", shi kuma ya ce mata "Sista, me zan ce musu?" ya ishe ki buɗe labari.

Sai ɓangaren asibiti, nan ne fim ya ɓata mu. Kowa sai ya sa wata na'ura tana ƙara, layi ya miƙe, likita ya ɗauko abin shokin ya manna a ƙirji. Na farko dai asibitin karkara a 1998 da wuya ya mallaki wannan na'urar, na biyu ko a inda ake da ita ba a yi wa zuciyar da layinta ya miƙe shokin, danna ƙirji ake yi, a kuma yi allura. Abin da likita yake yi a zahiri ba shi da hayaniya ko kaɗan: ya taɓa jijiyar wuya ya ji babu bugu, ya sa abin sauraro a ƙirji ya tsaya na wasu mintuna babu bugun zuciya babu numfashi, ya buɗe ido ya haska tocila ƙwayar idon ta buɗe ba ta motsi, ya kalli agogo, ya rubuta lokaci a folda ya sa hannu. Shi ke nan. Wannan kallon agogon kaɗai ya fi shafi biyu na ihun "ku taimaka".

Ita ma cutar ki san yadda take kisa. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa, ta yi yawa a yankin Kaltungo da ke kudancin Gombe har asibitin garin ya yi suna wajen jinyar saran maciji. Dafinta ba ya kayar da mutum nan take yana kumfa kamar yadda ake rubutawa. Hana jini daskarewa yake yi. Ƙafa ta kumbura, dasashi ya fara jini, wajen da aka yi tsaga a gida ya ƙi tsayawa, mutum yana zaune yana hira ana ganin da sauƙi. Gwajin ma mai sauƙi ne, a ɗebi jini kamar mil 2 a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata, in ya zubo kamar ruwa to dafi yana aiki, sai maganin dafin maciji. In ba a samu maganin ba ko an makara, jini yana iya zuba a ƙwaƙwalwa, ciwon kai mai tsanani, amai, sai mutum ya fita hayyacinsa bai farfaɗo ba. Kin ga yanzu likitanki yana da abin da zai riƙa gani in ya rufe ido: kwalbar nan da ya karkata jinin ya gangaro, ga kabad ɗin magani babu komai. Ba sai kin rubuta "zuciyarsa ta yi ƙunci matuƙa" sau bakwai ba.

Yanzu ga inda na fi jin haushi. Marubuci ya ja mu shafi biyar, likita ya yaga takarda ya yaga takarda, ƙarshe a ce "daga nan ya rubuta wasiƙar mai taɓa zuciya ya naɗe". Haba! Ina wasiƙar? Ita muka zo gani. Wasu kuma sun rubuta ta amma da Hausar sanarwar rediyo, "muna baƙin cikin sanar da ku", kamar ma'aikata ce ke magana. Ku tuna wa zai karɓa: dattijo ne wanda ƙila bai yi boko ba, malamin firamare ko wani ɗan makaranta zai karanta masa da ƙarfi a ƙofar gida, mutane na tsaye, mata na saurare daga zaure. Wasiƙar kunne ce. Jimla gajera, babu kalmar asibiti da mai karantawa zai tsaya yana in'ina a kanta.

Kuskure biyu ne suke fuskantar juna a nan. Ɗaya ya rubuta "ɗanku ya mutu" tsirara, wanda ba Bahaushen da zai faɗa wa uba haka. Ɗayan kuma ya yi ta kewaye, jiki ya yi tsanani, sai haƙuri, lamari sai Allah, har a gama ba a faɗi abin ba. Wannan "jiki ya yi tsanani" dabara ce ta baki ko ta waya, a kira mutum ya taho sai ya iso a gaya masa. A takarda zalunci ne, don tsohon zai sayar da akuya ya hau mota yana sa ran ya tarar da ɗansa. Sallama, gaisuwa layi ɗaya, likita ya faɗi ko shi wane ne, sannan maganar ta fito fili: Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan nan ki tambayi kanki me dangi suke son sani, don ba abin da likita yake son faɗa ba ne. Shi yana son ya ce mun yi iya ƙoƙarinmu, ya wanke kansa. Su kuwa: wace rana, da wane lokaci, wa ke kusa da shi, an yi masa wanka da sallah, ina aka binne shi, ya bar kaya, akwai bashi a kansa ko yana bin wani. Ranar ma ba ado ba ce, in yana da mata takabarta wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwar ake lissafawa ba daga ranar da takarda ta iso ba, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Don haka likitan da ya manta kwanan wata ya bar gida guda cikin ruɗani, kuma nas ɗin ce za ta tuna masa. Ga yadda tsakiyar za ta iya kasancewa:

"Baba, ni ne likitan da ya duba ɗanka Sale. Maciji ya sare shi a gona ranar Talata, aka kawo shi wajenmu. Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis bayan sallar asuba, ina wajen. Limamin unguwa da jama'a sun yi masa sutura sun sallace shi, an binne shi a maƙabartar garin nan kafin azahar. Rigarsa da rediyonsa da kuɗin aikinsa suna hannun mai gonar, ya ce ba ya binsa komai. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri."

Ki lura babu "da an kawo shi da wuri" a ciki. Likita zai so rubutawa, ki bar shi ya rubuta ya soke. Abin da ya soke shi ke nuna mana halinsa, shi ya sa yagaggun takardun nan ba su da amfani in ba mu ga me ke cikinsu ba. Nuna mana guda biyu kawai, ɗaya da ta cika da Turancin asibiti, ɗaya da ta cika da neman afuwa.

Akwai kuma tambayar da kowa ya san uban zai yi: ya cika da kalmar shahada? Marubuta da yawa sai su sa Sale ya buɗe ido a minti na ƙarshe ya yi salati ya bar wasiyya mai tsawo. Mutumin da jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa ya kwana ba ya magana, ba zai yi wannan ba, kuma in kika ba shi kin kashe labarinki da hannunki, don duk nauyin yana nan ne. Likita yana riƙe da biro, ya san layi ɗaya na ƙarya zai sanyaya wa tsohon nan rai har ƙarshen rayuwarsa, ba kuma wanda zai taɓa ganewa. Zai rubuta? Ko zai nemo gaskiyar da yake da ita, cewa daren Laraba kafin ya fita hayyacinsa ya roƙi a ba shi dutse ya yi taimama ya yi isha'i a kwance, kuma mai jinyar gadon kusa ya zauna yana laƙƙana masa kalma har ya cika? Duk wanda ya zaɓa labari ne, amma ki bar shi ya sha wahalar zaɓin a gabanmu.

Ƙarshe kuma don Allah a daina kawo amsa daga ƙauye ana sa wa likita albarka, balle a ce bayan wata uku ya je gaisuwa ya ga ƙanwar mamacin, kun san sauran. Wasiƙar nan ba gidan waya za ta bi ba, ƙauyen ba shi da akwati. Tasha zai kai ta da sassafe, ya rubuta a bayan ambulan "ta hannun mai gari", ya ba direban da zai yi Kano, shi kuma ya miƙa wa na Katsina. Direban ya juya ambulan ɗin ya ce "Likita, lafiya dai ko?" ya cusa ta bayan madubi tare da takardun mota. Ni a nan zan ajiye biro.